An ba ni foman, me zan faɗa wa ma'aikata ranar Litinin da safe?

Tambaya: Salam malam. Ni birkila ne, kwanan nan aka ɗora ni foman a wurin ginin da muke yi, kuma injiniya ya ce duk Litinin in tara mutane in yi musu magana ta minti biyar zuwa goma a kan hular kwano, takalmin aiki da ɗaukar kaya. Na yi sau biyu amma dai "ku kiyaye, ku kiyaye" nake ta maimaitawa, su kuma suna kallon waya. Don Allah ya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya taya ka riƙo. Matsalar "ku kiyaye" ita ce ba ta gaya wa mutum abin da zai yi da hannunsa yau ba, shi ya sa kunne ke wucewa da ita. Kafin Litinin ka zauna ka duba aikin satin, me za a sauke, wa zai hau sama, wa zai kasance a ƙarƙashinsa, ina kafintoci za su ɓalle katako, sai maganarka ta fito daga nan. Kuma kar ka zo hannu rabbana, ka zo da hula ɗaya da ta mutu, da takalmi, da buhun da za a ɗauka.

Bari mu ɗauka satin nan motar siminti za ta zo, kuma ana cire katakon dekin a bene na farko. Ka fara da hular. Ka juya ta ka nuna musu cikinta, domin yawancin ma'aikata sun ɗauka robar waje ce ke karewa, alhali rabin aikin na wannan ragar ta ciki ne, ita ce ke riƙe kwanon nesa da ƙoƙon kai da wajen santimita 2 da rabi zuwa 3, in abu ya faɗo ragar ta miƙe ta shanye ƙarfin kafin ya isa kai da wuya. To wanda ya cusa hana-salla ko kwalin sigari ko waya a wannan sararin ya cike gurbin da zai cece shi, wanda kuma ya cire ragar wai tana damunsa, ado kawai ya saka. Hular da ke ɗauke da lambar inganci ta EN 397 an gwada ta ne da ƙarfe mai kilo 5 da aka sako daga tsayin mita 1. Ka faɗa musu wannan lissafin don su san iyakarta, ba za ta tare bulo daga bene na uku ba, saboda haka wurin da ake cire katako a sama a ɗaure igiya a ƙasa, kowa ya zagaya ko da hula a kansa.

Sai kowa ya cire tasa ya duba a gabanka, minti ɗaya ya isa. A matse gefe da gefe da hannu biyu a saki, mai lafiya za ta koma yadda take nan take, wadda rana ta cinye za ka ji tana ƙas-ƙas ko ka ga launinta ya koɗe ya yi fari-fari kamar an barbaɗa mata alli. A duba tsagewa, a duba ragar ko ta yanke a inda take maƙale, a ƙarƙashin bakin hular kuma akwai hatimin wata da shekarar da aka ƙera ta. Duk hular da abu mai nauyi ya taɓa faɗowa a kanta ta gama aiki ko ba a ga komai ba. Ba a huda ta don iska, ba a shafa mata fenti ko tina, suna raunana robar. Kai kuma ka tabbata kana da biyu ko uku a sito, don in ka ce wa mutum hularsa ta mutu sannan ka bar shi ya koma aiki da ita, mako mai zuwa ba wanda zai saurare ka.

Takalmi ba ya buƙatar dogon zance. Mai lambar inganci ta EN ISO 20345 ƙarfen bakinsa na jure duka daidai da kilo 20 daga mita 1, amma a satin cire katako abin tsoro ƙusa ce daga ƙasa, kuma ba kowane takalmi mai ƙarfe a baki ke da kariya a tafi ba, a duba harshensa a ga S1P ko S3. Ka ce kowa ya ɗaga ƙafa ka ga tafin, wanda ya suɗe ko ya rabu a canza, a ɗaure igiya har sama, ban da take dunduniya ana ja kamar silifas. Kafintoci kuma duk katakon da aka ɓalle a lanƙwashe ƙusarsa ko a zare kafin a yar.

Ɗaukar kaya shi ne inda nake so ka fi daɗewa, saboda ciwon baya ba ya zubar da jini balle a gani, mutum na shekara ashirin da biyar zai yi ta fama shiru har ranar da zai kasa sunkuyawa ya saka takalmi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta ba da ma'aunin da ake yawan amfani da shi: namiji kilo 25 in kayan na manne da jiki a daidai ƙugu, in ya miƙa hannu ya koma 15, in daga ƙasa ne kusa da idon sawu kilo 10 kacal. Buhun siminti kilo 50 ne. Mutum biyu ma ba a ninka musu lissafi, kashi biyu cikin uku na jimillar ƙarfinsu ake ƙirgawa, wato 25 da 25 ya ba da wajen 33, don ɗaya kan riga ɗaya ɗagawa kuma ƙasa ba daidai take ba. Ka ga ke nan ko su biyun buhun ya fi ma'auni, shi ya sa gyaran yana hannunka kai foman tun kafin ya kai bayan lebura. Motar ta matso har bakin sito, a share hanya daga rodi da guntun bulo, a jera buhunan a kan katako mai ɗan tudu yadda ba sai an kai hannu ƙasa ba, kuma kar jerin ya wuce kafaɗa, abin da ya wuce 'yan taku kaɗan baro ya ɗauka, sannan a riƙa canza mutane maimakon ka bar majiya ƙarfi huɗu su sauke mota guda su kaɗai.

Daga nan ka kira mutum biyu su gwada a gaban kowa. Su tsaya dab da buhun, ƙafa a buɗe ɗaya gaba kaɗan, a lanƙwasa gwiwa da ƙugu, a kama da kyau, mutum ɗaya ne ke ƙirga ɗaya biyu uku, a tashi a hankali ba fizga, buhun kusa da ciki. Wajen ajiyewa ƙafa ake juyawa gaba ɗaya, murɗa ƙugu da kaya a hannu shi ya fi kama baya, kuma ka lura da kyau za ka ga an fi yin sa bayan azahar in gajiya ta shiga. Ka gaya musu a fili duk wanda ya ji ciwo na sauka daga baya zuwa cinya ko ƙafa, ko ƙafar na yin sanyi tana mutuwa, ya ajiye ya zo ya faɗa maka a kai shi asibiti, kuma ba za a kore shi a kan haka ba, in ba ka furta wannan ba tsoron rasa kuɗin yini zai sa su ɓoye.

Ka rufe da tambaya, ka kira sunan mutum ɗaya ka ce ina ne ya fi ba ka tsoro a wurin nan satin nan, don in ka jefa wa taro kowa shiru zai yi. Abin da ya faɗa ka rubuta a littafin da suke sa hannu, ka sa a gyara kafin Laraba, Litinin mai zuwa da shi za ka buɗe magana.