Kafasitona ya ƙi cika, mita ta tsaya a 8.2 V

"Don Allah 'yan uwa, na haɗa rizisto 1 MΩ da kafasito 100 µF a batir 9 V. Mita ta tsaya a 8.2 V ta ƙi gaba, kuma τ da na auna bai zo daidai da RC ba. Kafasiton ne ya lalace?"

Wallahi ɗan uwa ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Lafiyar kafasitonka ƙalau, mitar ce ke cin rabonta. Yawancin mitocin dijital ɗin nan suna da 10 MΩ a cikinsu, to da ka ɗora ta a kan kafasito sai ita da rizistonka su raba wutar. Kashi 10 cikin 11 na 9 V kawai zai iso, wato 8.18 V. Ko kwana za ka yi a gabanta ba za ta wuce nan ba.

Ni a kan wannan aka ci mini mutunci a lab. Mai duba mu ya ɗaga takardata a gaban kowa, ya ce ƙirƙirar lambobi na yi, wai giraf ɗin gaskiya dole ya kwanta a kan ƙarfin batir. Na ce ya zo ya kalli mitar da idonsa, ko juyowa bai yi ba. Waɗanda suka kwafe tebur daga littafi su suka kwashe maki, ni da na zauna riƙe da agogo har wuyana ya ƙage aka ja mini jan layi. Har yau abin na ci mini rai.

To, τ ɗinka ma ya taɓu. A takarda RC sakan 100 ne, amma 1 MΩ da 10 MΩ sun koma kamar 0.91 MΩ, saboda haka sakan 91 ne. Kashi 63 cikin ɗari kuma na inda wutar ta tsaya za ka ɗauka, wajen 5.2 V. In ka jira 5.7 V sai ka kai kusan sakan 109, ka ga lissafi ya watse.

Shawarata, sauko da rizisto zuwa 100 kΩ. τ zai zama sakan 10, mita ta kai wajen 8.9 V. Da sauri yake, sai ka ɗauki bidiyon mitar da waya ka karanta a tsanake. Kuma ni na fi yarda da saukewa a kan caji: duk sakan 7 wutar ta rabe biyu, 9 zuwa 4.5 zuwa 2.25. Zana ln V a kan t, layi zai miƙe sambal yana gangarowa, gangarensa −1/RC.

Kada kuma ka rantse da 100 µF da ke jikinsa, irin waɗannan kan kauce da kashi 20 cikin ɗari. Af, kafin kowane zagayen caji ka juye kafasiton ta rizisto har mita ta nuna sifili, in ba haka ba giraf zai faro daga tsakiya. Ƙafar mai alamar ragi kuma ka duba ta kafin ka jona, juya ta na iya fasa shi.