Takardar haraji ta iso, abokin haɗin gwiwata bai biya ba

Tambaya: Mu biyu muke da shagon kayan gini a Kawo, riba rabi da rabi. Takardar haraji ta zo da sunayenmu duka, na biya nawa, abokina ya ƙi biyan nasa. Za a kama ni da bashinsa?

Amsa: Alhaji, duba wane haraji takardar take nema. Idan harajin samun kuɗi ne, doka ba ta ɗora shi a kan haɗin gwiwar ba, kowa kan kasonsa na riba yake biya wa hukumar haraji ta Jihar Kaduna. Misali, in ribar naira miliyan 4 ce, kai miliyan 2 za a lissafa maka, bashin abokinka nasa ne.

Amma idan kuɗin harajin da kuka cire daga albashin yaran shago ne ba ku miƙa wa hukuma ba, wannan bashin shago ne, ana iya bin kowanenku da shi gaba ɗaya. A nan gara ka biya, ka cire daga kasonsa da shaida a rubuce.

Kada ka tsaya jiran sa dai. Kwana 30 gare ka daga ranar da takardar ta iso ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka haɗa da rasidinka da yarjejeniyar rabon riba, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In wa'adin ya wuce, ƙiyasin harajin da ke cikin takardar ya zauna daram.