Me ya sa dokar Amfiya ke buƙatar ƙari a kafasita?

Tambaya: Malamai, lantarki ba ya ƙetare tsakanin farantan kafasita, to daga ina maganaɗisun wurin yake zuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, zana da'ira kewaye da wayar da ke kai wa kafasita caji. Dokar Amfiya ta ce jimillar maganaɗisu a kewayen da'irar ita ce μ₀ sau I, wato lantarkin da ke ratsa shimfiɗar da da'irar ta zama bakinta. Shimfiɗar da waya ta ratsa tana ba da μ₀I. Amma kumbura ta kamar balan-balan ta bi tsakanin farantai, sai ka samu sifili. Da'ira ɗaya, amsa biyu, ai ba ta yiwuwa.

Maganin da masanin kimiyya Makswel ya kawo shi ne ƙarin ε₀ dΦ/dt a kan I, inda Φ ke nufin yawan filin lantarkin da ke ratsa shimfiɗar. Yayin caji, filin lantarkin tsakanin farantai yana ƙaruwa, E = Q/(ε₀A), inda Q ke nufin cajin faranti, A kuma faɗinsa, don haka Φ = EA = Q/ε₀. Canjinsa sau ε₀ ya zama dQ/dt, wato I ɗin wayar cif. Ana kiran wannan ƙarin “displacement current”, amma kada sunan ya ruɗe ka, babu cajin da ke tsallakawa. Da kafasita ta cika, ƙarin ya koma sifili.