Bakan da ya ƙara wa Alhaji bashi

"Maigida, Alhajin nan na Kumo ya ɗauki masara buhu 20 a kan N40,000 kowane buhu, ya biya N300,000, sannan ya dawo da buhu 2. Na sa kuɗin buhunan da ya dawo da su a cikin baka kamar yadda ka koya min, amma Excel ta ce muna bin sa N580,000, shi kuwa ya rantse N420,000 ne. Ba ka ce baka na nufin a ɗebe ba? To me ya sa ta tara?"

Alhaji ne da gaskiya, yarona, kuma ka yi kyau da ka zo ka tambaya kafin ka sake kiran sa. Bakan da ka sa ma daidai yake. Abin da ya faru shi ne ka faɗi "a ɗebe" sau biyu a kan kuɗi ɗaya, sau ɗaya a jikin lambar, sau ɗaya kuma a cikin fomula. Na buɗe shafin na gani, ga yadda ka jera shi:

```
B2   800,000
B3   300,000
B4   (80,000)
B5   =B2-B3-B4
```

Taɓa gidan B4 ka ɗaga ido ka dubi dogon layin da ke sama, inda ake rubuta fomula. Ba za ka ga baka a can ba, -80000 za ka gani. Duk sanda ka buga lamba a cikin baka, Excel tana karɓar ta a matsayin lambar da ke ƙasa da sifili. Bakan riga ce kawai da lambar ta sa don idon mai karatu, abin da ke cikin rigar kuwa lamba ce mai ɗauke da alamar ɗebewarta. Wato tun kafin fomula ta iso gidan, dubu tamanin ɗin nan ta riga ta san ragewa ta zo yi. Sai kai kuma ka sake sa mata wata alamar ɗebewa a gaba.

Na san a makaranta an haddace muku cewa ɗebewa biyu in sun haɗu tarawa ce, amma ina so ka gan shi a kan buhu, don haddar ba ta hana mutum faɗawa ramin. Bayan Alhaji ya biya, saura N500,000 a kansa. Buhu biyun da ya dawo da su sauƙi ne gare shi, sauƙin N80,000. Da fomula ta ce a haɗa wannan sauƙi da bashinsa, da bashin ya sauko N420,000. Fomularka kuwa cewa ta yi a cire sauƙin. In ka cire wa mutum sauƙi ai nauyi ka ƙara masa, shi ya sa bashin ya hau N580,000. A takarda sai ya zama kamar maimakon ya dawo mana da buhu biyu, wasu biyun ya ƙara ɗauka.

Yanzu duba tazarar da ke tsakaninka da shi. N580,000 a cire N420,000, saura N160,000. Ka nemi N160,000 a rasit ɗinmu har gobe ba za ka same ta ba, domin babu cinikin da aka yi na wannan kuɗi. Raba ta biyu: N80,000. Ga ta nan zaune a B4. Wannan dabara ka riƙe ta da kyau, ta girme ni a wannan sana'a. Kuɗin da aka sa wa alamar da ba tasa ba, ninki biyu yake ɓata lissafi, domin an fasa rage shi, ga ɗaya, sannan an ƙara shi, ga na biyu. Saboda haka duk ranar da littafi ya ƙi daidaita, kafin ka fara bin layi ɗari uku da yatsa, raba bambancin biyu ka nemi wannan rabin. In ka same shi, mafi yawan lokuta aikinka ya ƙare a minti biyu.

Gyaran hanya biyu ce, kuma kowacce daidai ce muddin ba ka cakuɗa su ba. Ta farko ita ce ta tsohon littafi: kowane kuɗi a rubuta shi tsirara, babu baka babu alama, a bar wa fomula aikin ɗebewa. Da 80,000 kawai ka buga a B4, da fomularka ta ba ka N420,000 ba gardama. Haka na tarar ana yi a Tudun Hatsi tun muna rubutu da biro a babban littafi mai gefe biyu: abin da mutum ya ɗauka a hagu, abin da ya biya ko ya dawo da shi a dama, a tara kowane gefe daban, a cire ƙarami daga babba. A irin wannan littafi babu lambar da ke ƙasa da sifili ko ɗaya, gefen da kuɗi ya zauna shi ne alamarsa.

Hanya ta biyu ita ce kowane kuɗi ya ɗauki alamarsa a jikinsa, fomula kuma ta tara kawai. Ita nake so mu bi a wannan shago, saboda shafin mutum ɗaya yakan kai layi hamsin kafin kaka ta wuce, kuma fomular da ake ƙara wa wutsiya kullum wata rana sai an manta gida ɗaya. Amma ka lura da sharaɗinta: duk abin da ke rage bashi sai ya shiga baka, har da biyan kuɗi. Shafinka a yanzu rabi da rabi ne, biya tsirara, dawo da kaya cikin baka. Da ka gaggauta ka canza fomular zuwa SUM ba ka taɓa B3 ba, da ta ba ka N1,020,000, wato ta haura gaskiya da N600,000, wanda rabinsa shi ne N300,000 ɗin da bawan Allah ya biya. Ga yadda ya kamata ya zauna:

```
B2   800,000
B3   (300,000)
B4   (80,000)
B5   =SUM(B2:B4)
```

Don bakan ya riƙa fitowa da kansa, zaɓi layin B gaba ɗaya, danna Ctrl+1, shiga Custom, ka rubuta `#,##0;(#,##0)`. Abin da ke gaban waƙafi mai ɗigo na lambobin da ke sama da sifili ne, na bayansa na waɗanda ke ƙasa. Daga nan ko -300000 ka buga, a cikin baka za ta bayyana. Sannan a saman shafi, inda kowa zai gani, rubuta da Hausa: "Lamba tsirara, muna bin sa. Lamba cikin baka, ta rage bashi." In wata rana jimlar ƙarshe ce ta fito a baka, to ya biya fiye da kima ke nan, shi ke bin mu.

Kada ka yarda da tsarin da ke nuna ragi da jan launi kaɗai, ba baka ba alama. Excel tana da shi a jerin zaɓinta, kuma yana da kyau a ido, amma ya taɓa ƙona ni. Shekarun baya wani kamfani da muke sayar wa hatsi ya aiko min da takardar lissafin da ke tsakaninmu, an yi mata fotokwafi baƙi da fari. Layi uku da ke ja a wurinsu sun iso min baƙaƙe kamar sauran, na tara su da kalkuleta, na tafi da ƙarfin gwiwa ina neman kuɗin da ba nawa ba. Kunyar ranar har yau ina jin ta. Dalilin da ya sa akantoci suka riƙe baka ke nan. Ja yana mutuwa a injin fotokwafi, 'yar sandar ɗebewa kuma siririya ce, tawada ta yi ƙasa ko takarda ta naɗe a kanta sai ta ɓace. Baka kuwa ya rungume lambar gaba da baya, da wuya ido ya tsallake shi.

Akwai wani tarko ɗan'uwan wannan da za ka haɗu da shi ranar da ka fara kwafo lambobi daga PDF ko daga saƙon waya. Wani lokaci (80,000) takan shigo da wani ɓoyayyen fili ko harafin N a manne da ita, sai Excel ta ɗauke ta rubutu, kamar sunan mutum. A ido baka ne lafiyayye, amma SUM ba ta ƙirga rubutu, kuma ba za ta yi maka ƙorafi ba, tsallakewa kawai za ta yi. A shafin Alhaji da sai ka ga N500,000. Ka ga a nan bambancin N80,000 ne cif, ba ninki ba, kuma da haka za ka rarrabe cutukan biyu: ninki biyu, alama ce ta juye, daidai kuɗin, tsallake shi aka yi. In ba a taɓa jerin gidan ba, lamba takan jingina da dama, rubutu da hagu. In kana shakka, buga `=ISNUMBER(B4)` a wani gida. In ta ce FALSE, goge gidan ka sake buga lambar da hannunka.

Takardar banki kuma ka yi hattara da ita, don daga kujerar banki aka rubuta ta. N300,000 da Alhaji ya turo za ka gan ta a ƙarƙashin Credit, domin a wurin banki kuɗin da muka ajiye bashi ne da muke bin su. A shafin banki na littafinmu kuɗin nan ƙari ne, a shafin Alhaji kuwa ragi ne. Kuɗi ɗaya, tiransifa ɗaya, amma alamarsa tana bin mai shafin. Kafin ka sa baka, tambayi kanka shafin wane ne a gabanka, kuma wannan kuɗi ƙara abin da ke shafin yake yi ko rage shi.

Abin da ya fi damuna ba shafin Alhaji ba ne, shi ya riƙe lissafinsa a ka, ya kama mu. Na ga wannan shafi ka kwafa ka buɗe wa mutanen Dukku da na Bajoga nasu, da fomular a ciki. A cikinsu akwai wanda in ka ce masa kaza muke bin ka, zai ciro ya biya bai duba ba, saboda ya yarda da mu, kuma haƙƙin mutum ko na kuskure ne ba na son ya kwana a aljihuna. Yau kafin la'asar ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ka ga baka a layi kuma akwai alamar ɗebewa a gabansa cikin fomula, rubuta sunan mai shafin da ninkin kuɗin a takarda ka kawo min. Alhaji kuma ni zan kira shi da kaina in ba shi haƙuri, kai dai ka buga masa sabuwar takarda mai N420,000 ka ajiye a kan teburina.