Me ya sa aladu ne shugabanni?

«A Gandun Dabbobi, aladu ne ke mulki, doki yana ta bauta. Su wa ake nufi?»

Malam Sani, marubucin Birtaniya George Orwell ya fitar da littafin a 1945 kan juyin juya halin Rasha na 1917. Aladu 'yan bokon jam'iyyar Kwaminis ne, su suka fi iya karatu, shi ya sa suke sauya dokokin gandun da aka rubuta a bango da dare ba mai ganewa. Karnuka 'yan sandan ciki ne. Dokin kuwa talaka ne mai aikin ƙarfi, kamar ɗan dako a Kantin Kwari: ya gina injin niƙa, ƙarfinsa ya ƙare, aka sayar da shi ga mahauta, aladu suka sayi giya da kuɗin. Amma kada ka ce kowace dabba mutum ɗaya ce. Tumakin duk 'yan amshin shata ne.