Yadda nake karanta takardar ECG, da wuraren da jarrabawa take kama ɗalibai

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar kansul ta aikin jinya, amma duk takardar ECG da na ɗauka layukan iri ɗaya nake ganinsu. Don Allah ta ina ake farawa, kuma yaya zan bambanta AF da VT da sauransu?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shawarata ta farko ita ce ki daina haddace hotuna. Hoton da ke littafi tsaf yake, wanda za a kawo miki kuwa ba lallai ya yi kama da shi ba. Abin da nake koya wa ɗaliban da ke zuwa mana aikin gwaji a ɗakin marasa lafiya shi ne su riƙa yi wa kowace takarda tambayoyi huɗu, a jere, ba tsallake.

Kafin nan ki san takardar kanta, wadda ke zana wutar bugun zuciya. Tana tafiya milimita 25 a sakan guda, don haka ƙaramin gida sakan 0.04 ne, babban gida mai ƙanana biyar kuma sakan 0.20. Manyan gidaje 30 sun zama sakan 6. A kan layin, ɗan tudun P shi ne wutar da ke ratsa ɗakunan sama na zuciya, tsinin QRS na ɗakunan ƙasa ne, T kuma lokacin da ɗakunan ƙasan ke komawa shiri.

Tambaya ta farko: tazarar da ke tsakanin tsinin R, wato tsinin QRS da ke hawa sama, da na gaba daidai take? Ki ɗora gefen farar takarda, ki yi alama a kan R biyu, ki matsa da ita gaba ki gani ko alamomin suna faɗawa kan sauran. Da wannan nake farawa, domin ita ke nuna hanyar da za ki ƙirga gudu. Idan tazarar daidai take, ki raba 300 da yawan manyan gidajen da ke tsakanin R biyu. Gida 4 ya ba ki 75, gida 5 ya ba ki 60, gida 2 ya ba ki 150. Idan ba daidai take ba, ki ƙirga QRS da ke cikin sakan 6 ki ninka sau 10. Gudun nan shi ne tambaya ta biyu, kuma gudun lafiya ga babba 60 ne zuwa 100 a minti.

Ta uku: akwai P a gaban kowane QRS, kuma daga farkon P zuwa farkon QRS, wato PR, yana tsakanin ƙananan gidaje 3 zuwa 5? Ta huɗu: QRS siriri ne, ƙasa da ƙananan gidaje 3, ko mai faɗi? Siriri yana nuna wutar daga sama ta taso ta bi hanyarta. Mai faɗi kuma, a matakin jarrabawarku, ki ɗauka daga ɗakunan ƙasa ta taso har sai an tabbatar da wani abu daban.

Bari mu gwada. A ce an ba ki dattijuwa mai shekara 62, mai hawan jini, tana kukan zuciyarta na bugawa da sauri. Kin auna tazarar R, wani wuri gida 2, wani wuri gida 3, wani 2 da rabi, ba wani tsari. A nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa. Wadda ta ɗauki gida 2 za ta ce 150, wadda ta ɗauki gida 3 za ta ce 100, kuma duk sun yi kuskure. Kin ƙirga QRS 13 a sakan 6, gudun 130 ke nan. Kin nemi P ba ki samu ba, sai layi mai ɗan karkarwa, QRS kuma siriri. Wannan AF ne. Ɗakunan sama ba sa matsewa, rawa kawai suke yi, jini yana kwanciya a cikinsu ya daskare, gudan jinin ya tafi ƙwaƙwalwa. Saboda haka idan aka tambaye ki babban haɗarin AF, amsar ita ce shanyewar ɓarin jiki, kuma dalilin ba da maganin hana daskarewar jini irin wafarin ke nan. A aikinki na nas, ki saurari bugun a ƙirji da abin sauraro har minti guda cur, don wasu bugun ba sa isa wuyan hannu. Idan tana shan digozin kuma bugun ya sauka ƙasa da 60, ki dakatar da maganin ki sanar da likita. A asibitocinmu na arewa kada ki ɗauka AF na tsofaffi ne kaɗai, muna ganinsa a matasan da ciwon zuciya na rumatik ya lalata musu bawul.

Ɗan'uwan AF da ake rikita su shi ne atrial flutter, wanda layinsa ke fitowa kamar haƙoran zarto tsakanin QRS. Ɗakunan sama suna gudun kusan 300, sau da yawa ɗaya cikin biyu ke wucewa ƙasa, sai ki ga 150 daidai wa daida. Duk siririn QRS da ya tsaya cak a 150, ki sake duba layin da kyau.

Toshewar hanyar wuta tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa kuwa PR kaɗai za ki bi. Ya wuce ƙananan gidaje 5 amma kowane P yana da QRS ɗinsa, mataki na ɗaya ne. Yana ƙara tsawo daga bugu zuwa bugu har QRS ɗaya ya ɓace, Mobitz I ne. Tsawonsa bai canja ba amma kwatsam QRS ya ɓace, Mobitz II ne, kuma ya fi haɗari domin yana iya zama toshewa gaba ɗaya. A mataki na uku P na tafiyarsa, QRS na tafiyarsa a hankali, ba ruwan wani da wani, kuma maganinsa na'urar da ake dasawa ta daidaita bugu.

Wurin da na fi so ki natsu shi ne QRS mai faɗi da sauri. Idan ya jeru da tsari, gudunsa ya haura 100, ba a ganin P, VT ne, wato gudun da ya taso daga ɗakunan ƙasa. Idan layin ya hargitse, ba P ba QRS, VF ne, wato ɗakunan ƙasa rawa kawai suke yi. Tambayar da ke biyo baya kusan kullum ita ce me za ki fara yi, kuma ana jera miki magunguna don su ja hankalinki. Ki fara da majiyyaci: ki kira shi, ki taɓa bugun jijiyar wuyansa, kada ki wuce sakan 10. Na ga monita ta nuna abin da ya yi kama da VF alhali mutumin yana zaune yana magana, waya ce ta ɓalle daga ƙirjinsa ko yana rawar sanyi. VT mai bugun jini ana bi da shi da magani irin amiyodaron, ko shokin lantarki da aka daidaita da tsinin R idan jininsa ya faɗi ko hankalinsa ya fara gushewa. VT marar bugun jini da VF hukuncinsu ɗaya: ki nemi taimako, a fara danna ƙirji, a ba da shokin da zarar na'ura ta iso.

Biyu ne ba a ba su shokin. Na farko layi miƙaƙƙe, bayan kin tabbatar wayoyi suna manne. Na biyu PEA, inda monita ke nuna tsarin da ya yi kama da na lafiya amma ba bugun jini a wuya. Waɗannan danna ƙirji ake yi, a ba da adiranalin miligiram 1 ta jijiya duk minti 3 zuwa 5, ana neman musababbi, kamar zubar jini mai yawa, ƙarancin iskar oksijin ko hauhawar fotasiyam. Idan tambaya ta ce takarda ta nuna P da QRS a jere da gudun 70, sannan ta ƙara da cewa majiyyaci ba ya numfashi kuma ba a jin bugunsa, amsarki PEA ce, matakin farko kuma danna ƙirji.