Ma'aikata ɗaya, muƙamai huɗu: yadda za a jera su a CV

"Yaya, ina gaisuwa. Tun 2013 nake aikin akanta a ma'aikatar kuɗi ta jiharmu, na fara daga mataki na 08, yanzu ina mataki na 12. Ina shirin neman aiki a Kanada, amma a CV ɗina shekarun nan duk sun taru a layi ɗaya, kamar ban taɓa motsawa ba. Yaya zan nuna ƙarin girman da na samu?"

Ƙanena, ina amsawa, kuma Allah ya sa a dace.

Ka fara da sanin cewa mai ɗaukar ma'aikata a Calgary ko Toronto bai san abin da mataki na 08 ko na 12 yake nufi ba, balle ya san cewa a tsarin aikin gwamnati na Najeriya babu mataki na 11, daga 10 ake tsallakawa zuwa 12. Lambobin nan suna da nauyi a wurinmu domin mun san albashi da girman da ke tare da su, amma a wurinsa lambobi ne kawai. Abin da yake iya karantawa shi ne sunan muƙami, da lokacin da aka riƙe shi, da nauyin da aka ɗora wa mai shi. Saboda haka ka cire matakan, ka sa sunayen muƙaman kamar yadda suke a takardunka na ƙarin girma. Idan ka bi tsanin da akantoci suke bi, muƙamanka huɗu ne: Accountant II, Accountant I, Senior Accountant, da Principal Accountant.

Sai dai ba kowane ƙarin girma ne ya cancanci sashe nasa ba, kuma a nan ne yawancin 'yan'uwanmu da suka fito daga aikin gwamnati suke tuntuɓe. A gida, ma'aikaci yakan cika shekaru uku a mataki, ya ci jarrabawa, a ɗaga shi, amma ya ci gaba da zama a teburinsa yana aikin da ya saba. Idan ka buɗe sashe huɗu ka cika kowanne da bayanin aiki iri ɗaya, mai karatu zai ga sunaye suna canzawa alhali aikin yana nan yadda yake, kuma wannan ya fi layi ɗayan da kake kuka da shi muni. Ma'aunin da nake bi shi ne a raba a inda nauyin aiki ya canza, a haɗe inda sunan muƙami da albashi kaɗai suka canza.

Bari mu ƙaddara cewa a muƙamai biyu na farko aikinka shi ne shirya baucan biya da daidaita lissafin ofis da na banki a ƙarshen wata, da ka zama Senior aka ba ka kula da albashin wani sashe da ma'aikata uku a ƙarƙashinka, da ka zama Principal kuma kai ne mai haɗa rahoton kuɗi na shekara da amsa tambayoyin masu binciken kuɗi. Tsarin zai fito haka, na baya-bayan nan a sama:

```
State Ministry of Finance, Nigeria    Mar 2013 - Present
Principal Accountant                  Jan 2023 - Present
Senior Accountant                     Jan 2020 - Dec 2022
Accountant I                          Jan 2017 - Dec 2019
Accountant II                         Mar 2013 - Dec 2016
```

Layin sama yana nuna cewa ka daɗe a wuri guda, layukan ƙasa kuma suna nuna hawa, kuma ido yana kama duka biyun kafin a karanta kalma ɗaya ta bayani. A ƙarƙashin Principal ka rubuta layi huɗu ko biyar, a ƙarƙashin Senior uku, sannan ka jera ƙananan muƙaman biyu ɗaya bisa ɗaya ka ba su layi biyu su raba. Kowane layi ya faɗi abin da ya ƙaru a kan na ƙasa da shi: mutum nawa kake dubawa, albashin ma'aikata nawa ke bi ta hannunka, wa kake kai wa rahoto, wane abu kake sa wa hannu wanda a da sai an sa maka. Idan za ka ambaci kuɗi, ka yi hankali da canza naira zuwa dala, domin canjin 2016 ba shi ne na 2024 ba, kuma kasafin da ya ninka a naira yana iya fitowa kamar ya ragu. Yawan mutane da yawan sassa sun fi aminci.

Akwai matsala guda da wannan tsari. Manyan kamfanoni a nan Kanada suna karɓar CV ta manhajar da ke tsinto bayanai ta cika gurabe da kanta, kuma wasu daga cikin manhajojin nan sukan ɗauki muƙamin sama su manna masa dukan shekarun, ko su bar na ƙasa babu sunan ma'aikata. Za ka gane hakan idan ka ɗora takardar, shafi na gaba ya fito da guraben a cike ba daidai ba. Ka gyara su da hannu, kuma ka ajiye kwafi na biyu wanda aka maimaita sunan ma'aikatar a gefen kowane muƙami, babu tebur babu ginshiƙai. A irin wannan kwafi, layin farko na kowane sashe ya fara da `Promoted from Senior Accountant` ko makamancinsa, don kada mai dubawa da sauri ya zaci ka yi ta tsalle daga aiki zuwa aiki.

Kwanan wata kuma yana bukatar natsuwa. Ka san yadda takardar ƙarin girma take a gida: ranar da ƙarin ya fara aiki daban, ranar da aka fara biyan kuɗinsa daban, ranar da takardar ta iso hannunka kuma daban, wani lokaci da tazarar shekara guda. Ka zaɓi ranar da ƙarin ya fara aiki kamar yadda take rubuce a takardar, ka yi amfani da ita a CV, da LinkedIn, da duk fam ɗin da za ka cika. Idan kuma ka riƙe kujerar Principal a matsayin riƙo kafin a tabbatar maka, ka rubuta `Acting` da watanninsa, matuƙar akwai takardar da ta ce haka.

Dalilin wannan tsanani shi ne hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC. Idan ta Express Entry za ka bi, wato tsarin da ƙwararrun ma'aikata ke neman izinin zama na dindindin a Kanada, takardar shaidar aiki da ma'aikatarka za ta rubuta dole ta jera duk muƙaman da ka riƙe, da kwanakinsu, da ayyukan kowanne, da awoyin aiki a mako, da albashi. Jami'in da zai duba yana auna ayyukan ne da lambar sana'a ta tsarin NOC, wato jerin sana'o'i na gwamnatin Kanada, ba sunan muƙami ba. Lambar akantoci da masu binciken kuɗi ita ce 11100, ta masu riƙe littattafan lissafi 12200, duka biyun kuma ana ƙirga su, amma 14200 ta magatakardan lissafi tana rukunin TEER 4 na ayyukan da karatun sakandare ko ɗan gajeren horo ya isa a yi su, rukunin da Express Entry ba ya lissafawa a aikin ƙwarewa. Takardar da ta dunƙule shekarunka ta bayyana su da aikin bauca kaɗai tana iya sa a karanta ka a matsayin magatakarda. Don haka kafin ka je wurin daraktan mulki neman takardar, ka tattara takardar ɗaukarka aiki da takardun ƙarin girma uku, ka rubuta ayyukan kowane muƙami a gaskiyarsu, ka kai masa daftarin, sannan ka tabbatar kwanakin da ya sa wa hannu su ne waɗanda ke cikin CV ɗinka.